Daga Saƙon Murya Zuwa Allon Majigi: Nuna Shaidar Kwastoma Ba Tare Da Ƙarin Gishiri Ba

A shekarar 2015 aka fitar da wani fim a Birtaniya mai suna Legend, wanda jarumi Tom Hardy ya fito a matsayin wasu tagwayen 'yan daba na birnin Landan. Masu tallata fim ɗin suka cika fastarsa da taurarin da jaridu da mujallu suka ba shi, wannan huɗu, wancan biyar. Har da sunan jaridar The Guardian a tsakiya. Sai dai mai sharhin jaridar, Benjamin Lee, taurari biyu kacal ya bai wa fim ɗin. Dabarar da aka yi ita ce, an cusa taurarin nan biyu a tsakanin kawunan tagwayen, ta yadda duk wanda ya kalla zai ɗauka sauran taurarin sun ɓuya ne a bayan kunnuwansu. Ba a ƙirƙiro tauraro ko ɗaya ba, ba a canza wa jaridar kalma ba, amma mai kallo ya tafi da akasin abin da mai sharhin ya faɗa.

Irin wannan wasa bai tsaya a wajen manyan kamfanonin fim ba. Mai haɗa sola a Kano da zai je neman kwangila, da mai makarantar koyon ɗinki a Kaduna da za ta yi jawabi gaban masu ba da tallafi, da mai sayar da turaren wuta da ke jera hotuna a Instagram, duk sukan kai ga shafin nan da ake rubuta wa “abin da kwastomominmu ke cewa”. Shafi ne ɗaya ko biyu a cikin silaid ɗin da aka haɗa da PowerPoint ko Canva, amma shi ne ya fi ratsa mai kallo, domin bakin wani ne yake yabo, ba na mai kaya ba. Yawancin masu sana'a ba sa zama su ƙirƙiro kwastoman da babu shi. Inda ƙafa ke zamewa shi ne tsakanin abin da mutumin ya faɗa da abin da ya hau allo: wajen yankewa, wajen fassara, da wajen ɗora sunansa ba tare da ya sani ba.

Godiya daban, shaida daban

Bahaushe mutum ne mai kara. Idan aka kai masa kaya aka tambaye shi ya ya gani, da wuya ya ce bai yi ba. Zai ce madalla, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Wannan ladabi ne da addu'a, kuma mai kaya ya ji daɗinsu, amma ba su gaya wa baƙo komai game da kayan ba. Wanda ya tara irin waɗannan saƙonni ya jera su a allo, zai ga sun fito fayau babu nama, daga nan ne kuma hannu ke fara ƙaiƙayin ƙara musu abin da ba a faɗa ba.

Maganin yana wajen tambaya. Maimakon “ya kika ga aikinmu?”, sai a tambayi abin da yake da amsa a zahiri: kafin a yi aikin me ke faruwa, yanzu me ya canza, tun yaushe, kuma me ya rage da bai yi daidai ba. Lokacin tambayar ma yana da tasiri. Shaidar da aka karɓa ranar da aka kafa sola, shaida ce a kan fara'ar ma'aikata da tsaftar aikinsu. Ko batirin zai kai asuba, sai an kwana biyu ake sani.

Saƙo ɗaya, silaid uku

A ɗauki misalin da aka tsara don bayani kawai. Wata Hajiya mai shagon kayan sanyi ta sa wani ƙaramin kamfani ya haɗa mata sola. Bayan wata huɗu, mai kamfanin ya tambaye ta, ta turo saƙon murya ta WhatsApp:

“To gaskiya Alhamdulillahi. Wata huɗu ke nan da kuka sa mana. Da kullum sai mun sayi lita biyar ta man janareta, yanzu lita biyu ta ishe mu. In dai an wuni da hadari, to da dare sai mun tada janareta, batirin ba ya kaiwa. Yaranku kuma sun saɓa mana alkawari da kwana biyu kafin su zo, amma da suka zo aiki sun yi mai kyau.”

Matakin farko shi ne a rubuta saƙon gaba ɗayansa, kalma da kalma, a ajiye shi tare da muryar da ranar da ta zo. Wannan rubutu shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada duk abin da aka yanko.

Silaid na farko da zai iya fitowa daga nan shi ne: “Tun da muka sa sola muka rabu da janareta!” Yana da daɗin karantawa, kuma ƙarya ce tsagwaronta, domin har gobe Hajiya tana sayen lita biyu. Ba ta kuma furta jimlar ba, alamar zance kuwa alkawari ce ga mai karatu cewa haka kalmomin suka fito daga bakin mai su.

Na biyu ya fi wayo: “Alhamdulillahi… batirin… aiki mai kyau.” Kowace kalma tata ce. Amma aikin ma'aikata ta yaba, batirin kuwa kuka ta yi da shi, an tsinto kalmomi daga jimloli daban-daban an ɗinke su don su ba da wata ma'ana. Ɗige-ɗigen nan uku an yi su ne don a nuna an tsallake abin da ba ya canza magana, kamar gaisuwa ko maimaici. Idan abin da aka tsallake yana ɗauke da “amma”, ko “in dai”, ko “sai dai”, to akwai alamar an taɓa ma'ana.

Na uku shi ne mai gaskiya: “Da kullum sai mun sayi lita biyar ta man janareta, yanzu lita biyu ta ishe mu. In dai an wuni da hadari, to da dare sai mun tada janareta.” A ƙasa kuma a rubuta: mai shagon kayan sanyi, wata huɗu bayan kafa sola, sai wata da shekarar da ta yi maganar.

Ga tambayar da masu sana'a ke yawan yi: dole ne a saka ƙorafin makarar kwana biyu? Amsar ta danganta da abin da silaid ɗin yake iƙirari. Idan kanun shafin yana magana ne a kan rage kuɗin mai, barin zancen makara bai yaudari kowa ba, amma barin zancen hadari ya yaudara, domin shi ne iyakar ragin. Idan kuwa kanun ya ce “muna cika alkawari a kan lokaci”, to wannan Hajiya ba shaidar da za a kira ba ce ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗauka tana zaune a layin gaba a ɗakin taron. Idan za ta gyaɗa kai ta ce haka na ce, shafin ya yi. Idan za ta ɗaga gira, a koma a gyara.

Lissafi da fassara

Daga lita biyar zuwa biyu ragin kashi 60 cikin 100 ne, kuma babu laifi mai kamfani ya rubuta hakan. Sai dai lissafinsa ne, ba maganar Hajiya ba, don haka wurinsa wajen alamar zance. Bai kuma halatta kashi 60 na shago ɗaya ya rikiɗe ya zama “kwastomominmu na rage kashi 60” ba. Mai gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki uku ba lallai ya ga irin wannan ragi ba. A Amurka, hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta daɗe da gano wannan ɓaraka. A 2009 ta gyara ƙa'idojinta ta ce rubuta “ba kowa ke samun irin wannan sakamako ba” da ƙananan haruffa a gindin talla bai wadatar ba. Idan sakamakon da aka nuna na musamman ne, sai a bayyana abin da yawancin mutane za su iya tsammani.

Fassara ita ce ƙofa ta biyu da gishiri ke shigowa. Masu zuba jari da ƙungiyoyin tallafi sau da yawa Turanci ko Faransanci suke karantawa, saboda haka sai an juya maganar. “Aiki sun yi mai kyau” yabo ne matsakaici, kuma a matsakaici ya kamata ya tsaya, kada ya koma “aikin da babu kamarsa”. Abin da ya fi tsafta shi ne a bar Hausar a sama, fassarar a ƙasa, tare da nuna cewa fassara ce. Duk mai jin harsunan biyu a ɗakin zai iya gwadawa da kansa. A kuma duba cewa salon rubutun da aka zaɓa yana fitar da haruffa masu lanƙwasa daidai. Noto Sans yana fitar da su, wasu salon ado kuwa sukan mayar da su akwati ko su canza musu siffa, musamman idan aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar.

Izini na abu takamaimai

Saƙon da Hajiya ta turo, ga mai kamfani ta turo shi. Ba ta turo wa mutum ɗari da ke ɗakin taro ba. Wannan shi ne abin da masu ɗaukar hoton hira su manna a shafinsu suke mantawa, har wani lokaci lambar wayar mutum da hotonsa da sanarwar banki ta kuɗin da ya tura duk suna nan a fili.

A Najeriya doka ta yi magana a kai. Dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na shekarar, ita ta kafa hukumar NDPC. Suna, hoto, murya da lambar waya duk bayanan mutum ne a idon wannan doka. Ta tanadi cewa amincewa sai ta kasance da son rai, a kan abu takamaimai, bayan mutum ya fahimci abin da za a yi. Shiru ba amincewa ba ne. Idan rigima ta tashi, wanda ya yi amfani da bayanan shi ke da nauyin nuna cewa an ba shi izini. Mutum kuma yana da 'yancin janye izininsa a duk lokacin da ya ga dama.

A aikace wannan yana nufin mai kamfani ya gama haɗa silaid ɗin tukuna, ya ɗauki hotonsa, ya tura mata da saƙo irin wannan:

“Hajiya, barka da yini, ya kasuwa? Ga yadda muke so mu nuna maganar da kika yi mana. Za mu haska shi ne a taron neman kwangila, mu kuma tura wa waɗanda suka halarta. Ba za mu saka a Facebook ko Instagram ba sai mun sake tambayarki. Ki duba ko haka kika ce, ki kuma faɗa mana yadda kike so a rubuta ki: da suna, ko mai shagon kayan sanyi kawai. In ba ki so, wallahi babu komai, garantinki yana nan yadda yake.”

Jimlar ƙarshe tana da aiki. Wadda take jiran a zo a duba mata batiri za ta iya cewa to don kada a ja mata rai, irin wannan “to” kuwa ba son rai ba ne. Idan ta fi sakewa da magana a kan rubutu, a karanta mata ta waya, ta amsa da saƙon murya, a ajiye shi tare da na farko.

Suna da hoto kowannensu izininsa daban. Matan aure da yawa za su yarda a ɗauki maganarsu amma ba fuskarsu ba, wata kuma za ta ce sai ta shawarci maigida. Boye suna ma yana buƙatar lura: “mai shagon kayan sanyi da ke kusa da masallacin kaza” ya riga ya nuna ta ga duk ɗan unguwar. Idan ba a samu hoto ba, a bar wurin haka nan ko a saka hoton aikin da aka yi, in ta amince. Ɗauko hoton wata mata mai murmushi daga intanet a liƙa kusa da maganar ƙirƙirar mutum ne, ko da kalmomin na gaskiya ne. Idan mai shaidar yaro ne da bai kai shekara 18 ba, kamar ɗalibin makarantar koyon sana'a, izinin iyaye ko mai riƙonsa ake nema. Idan kuma kwastoman ma'aikata ce, ma'aikacin da ya yaba ba lallai yana da ikon ba da tambarin ma'aikatar ba, sai a tambayi wanda yake da wannan iko.

Tarkon da ke cikin fayil

Akwai kuskuren da ko masu kyakkyawar niyya suke faɗawa. Mutum ya saka hoton hirar WhatsApp a PowerPoint, ya yi amfani da Crop ya datse saman da ke nuna suna da lamba, ya ɗauka shi ke nan. Alhali sashen da aka datse yana nan cikin fayil ɗin, duk wanda aka tura wa zai iya jawo gefen hoton ya gan shi. Kafin ya goge da gaske sai an danna hoton, an shiga Compress Pictures, an zaɓi Delete cropped areas of pictures. Haka baƙin akwatin da ake ɗorawa a kan lambar waya: mai karɓa zai iya ture shi gefe da linzami. Bayanan da mai jawabi yake rubuta wa kansa a sashen Notes su ma suna tafiya tare da fayil ɗin.

Hanya mafi aminci ita ce kada hoton hirar ya shiga silaid tun farko. A buga maganar da hannu, a ajiye asalin a wani wuri daban. Shaida ɗaya a shafi ɗaya, jimla biyu ko uku, da manyan haruffan da na kujerar baya zai iya karantawa. Layin da ke nuna ko wace ce da lokacin maganar kada ya ƙanƙance har ya ɓace. Idan za a ƙara wa wasu kalmomi kauri, kada a kumbura yabon a murƙushe sharaɗin. Taurari biyar na ado da ke zuwa a cikin samfuran Canva kuwa a goge su, muddin kwastoman ba ta ba da maki da kanta ba.

Shaidar ɗan gida da ta wanda aka ba kyauta

Matafiya sun san dabarar wasu tashoshin mota, inda ake zaunar da mutanen da ba tafiya za su yi ba don fasinja ya ga kamar motar ta kusa cika. Shaidar da ƙanen mai kamfani ko ma'aikacinsa ya bayar a rigar baƙo, aikinta ke nan. A 2009 wani kamfanin tiyatar gyaran fuska a Amurka, Lifestyle Lift, ya amince ya biya jihar New York dala 300,000 bayan an gano ma'aikatansa ne ke rubuta yabo da sunan marasa lafiyar da suka gamsu. Kafin nan, a 2001, mujallar Newsweek ta bankaɗo cewa wani mai sharhin fim da ake kira David Manning, wanda yabonsa ke fitowa a tallan finafinan Sony, babu shi a duniya, a sashen talla aka ƙirƙiro shi. A Oktoba 2024 kuma wata ƙa'idar FTC ta fara aiki wadda ta haramta shaidar bogi da sayen yabo kai tsaye, tare da tara a kan kowane laifi.

A gida ma akwai masu sa ido. Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa. Hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke kula da harkar talla. Masu sayar da maganin gargajiya da kayan gyaran jiki su ne ya kamata su fi taka-tsantsan: tallan irin waɗannan kaya yana buƙatar amincewar NAFDAC, kuma sanya iƙirarin warkar da cuta a bakin kwastoma bai sauke wa mai kaya alhakinsa ba. Ga shi kuma lafiyar mutum tana cikin bayanan da dokar 2023 ta ba kariya ta musamman.

Ba a hana ɗan uwa yin shaida ba idan da gaske ya sayi kayan, sai dai a faɗi dangantakar. Haka idan an yi wa Hajiya ragi ko an wanke mata farantan sola kyauta saboda ta ba da lokacinta, layi ɗaya a gindin shafin ya isa ya bayyana hakan. Abin da ba ya gyaruwa shi ne sharɗanta kyautar da cewa sai ta yaba.

Shaida tana tsufa

Maganar wata huɗu ba ta zama maganar shekara uku. Batiri yana raguwa, kamfani yakan canza irin kayan da yake sakawa, kwastoman da ta gamsu bara tana iya komawa wajen wani bana. Shi ya sa ake rubuta wata da shekara a jikin shafin, shi ya sa kuma masu tsari suke riƙe ɗan jadawali: lambar shaida, inda asalin muryar yake, ranar izini, abin da aka yarda a nuna, da wuraren da aka yi amfani da shi. Sau ɗaya a shekara a bi jadawalin a kira mutanen a ji ko suna nan kan bakansu.

Ranar da Hajiya ta bugo waya ta ce a cire maganarta, wannan jadawali ne zai nuna fayil nawa za a buɗe. Za a iya cire shafin daga silaid ɗin kamfani, a sauke shi daga shafukan sada zumunta, a sanar da wakilan talla su daina amfani da tsohon kwafi. Kwafin da aka riga aka tura wa mahalarta taro kuwa ya fita daga hannu, kuma ya kamata ta san haka tun a saƙon neman izini, kafin ta zaɓi ko a rubuta sunanta ko a bar ta a matsayin mai shagon kayan sanyi.